Linkin "tallafin naira 50,000" da ke yawo: kada kowa ya cika

Nura (Samaru): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Malam Lawal, a yi mini afuwa, zan ɗan tsawaita. Linkin nan da aka turo bayan la'asar, mai cewa gwamnatin tarayya na rabon tallafin azumi naira 50,000 ga kowane magidanci, na 'yan damfara ne. Don Allah kada kowa ya cika, kada kuma a tura gaba.

Ba da ka nake magana ba. Na ɗauko wata tsohuwar waya da ke shago, wadda babu layi babu manhajar banki a cikinta, na bi shafin tun daga farko har inda ya tsaya. Da ka shiga za ka ga tambarin Najeriya a sama da kore da fari, sai ya nemi suna da lambar waya. A wurin suna na rubuta "Tukunyar Miya", a wurin lamba na jera sifili goma sha ɗaya. Ya karɓa. Har da taya Tukunyar Miya murna wai ta cancanta. Daga nan ya kawo akwatuna tara, ya ce in zaɓa, ina da dama uku. Na farko fanko, na biyu fanko, na uku ga 50,000. Na rufe na sake shiga sau huɗu, kowane karo a na uku nake ci, ko wane akwati na taɓa.

Sai ya ce kafin a biya sai na tura wa zaure 5 ko mutum 15, ga wani shuɗin layi da ke cika kaɗan-kaɗan. Ban tura wa kowa ba. Danna maɓallin kawai nake yi in dawo baya, layin yana ƙaruwa, har ya cika. Wato shafin bai san ka tura ko ba ka tura ba, mu ne muke yi musu talla kyauta. Bayan nan ne ainihin abin da suka zo nema ya fito: sunan banki, lambar asusu, BVN, ranar haihuwa, sannan shafi na ƙarshe ya nemi lambar katin ATM da lambobi ukun da ke bayansa wai don "tantancewa".

Mai ba ka kuɗi lambar asusu kaɗai yake buƙata. Lambobin bayan kati na cire kuɗi ne, ba na sakawa ba.

Hajiya Binta: Innalillahi. Nura ni ce na turo. Wallahi daga zauren matan makarantar Islamiyyarmu aka turo mini, kuma wadda ta turo mace ce mai hankali. Na ce bari in taimaki jama'a, ana cikin wannan tsadar rayuwa. A yafe ni.

Malam Lawal (admin): Hajiya ba komai, da kyakkyawar niyya kuka yi. Na goge shi daga zauren. Ku ma ku koma can zauren matan ku sanar da su. Nura ci gaba, muna saurare.

Isiya Tela: To amma ni na shiga na gani da idona, a ƙasa akwai mutane suna ta rubuta cewa sun samu alat. Wata ma har da hotonta, ta ce minti biyu da suka wuce kuɗinta ya shigo. Duk su ma ƙarya suke yi?

Nura (Samaru): Isiya, koma ka duba yanzu, amma kada ka cika komai. Matar nan za ka tarar har yanzu "minti biyu da suka wuce" take. Ni na gan ta da ƙarfe biyar, na sake ganinta bayan magariba, ba ta motsa ba. Ka gwada danna sunanta ko ka rubuta naka sharhin, ba abin da zai faru. Zane ne kawai aka yi a jikin shafin don ya yi kama da Facebook, hotunan kuma tsintarsu aka yi.

Isiya Tela: Na duba. Tana nan a minti biyunta. Allah ya isa.

Sadiƙu (Kongo): Ai abin mai sauƙi ne jama'a. Duk shafin da za ku shiga ku duba ko ya fara da `https` kuma akwai alamar kwaɗo a gefen adireshin. In akwai kwaɗo shafin amintacce ne, in babu ku gudu. Haka aka koya mana.

Nura (Samaru): Sadiƙu, rabin maganarka daidai ne. Shafin da babu `https` bai kamata ka rubuta masa ko sunan kakarka ba. Amma wannan na tallafin da muke magana a kai, `https` ne da shi. Abin da kwaɗon ke nufi shi ne tsakanin wayarka da shafin babu mai leƙen abin da ka rubuta a hanya. Bai ce komai game da wanda ke zaune a can ƙarshen yana karɓa ba. Kamar ka liƙe ambulan da kyau ka aika wa ɓarawo ne, saƙo zai isa hannunsa lafiya lau ba wanda ya buɗe. Kuma takardar shaidar da ke sa kwaɗon ya fito kyauta ake samunta yanzu, cikin 'yan mintuna. Saboda irin wannan ruɗanin ne ma Chrome ta cire hoton kwaɗon a 2023 ta sa wata alama daban, don mutane sun ɗauke shi shaidar gaskiya.

Sadiƙu (Kongo): To in kwaɗo bai isa ba, me mutum zai duba ke nan, Yaya Nura?

Nura (Samaru): Adireshin kansa, amma akwai yadda ake karanta shi. Ga siffar wanda aka turo. Na canza wutsiyarsa zuwa `example` don kada wani ya danna bisa kuskure, asalinsa da `.xyz` ya ƙare:

```
https://tallafi.gov.ng.rabon-azumi.example/cika?id=50000
```

Ido yana fara karatu daga hagu, sai ya ci karo da `gov.ng`, zuciya ta kwanta. Nan ne tarkon. Ga yadda ake yi. Ka tsallake `https://` ɗin farko. Ka bi rubutun har ka iso karkatacciyar sanda ta farko, wato `/`. Ka tsaya nan, ka juyo baya. Abin da ke manne da sandar ta hagu shi ne mai gida. A wannan linkin mai gidan shi ne `rabon-azumi.example`. Duk abin da ke gabansa, `tallafi.gov.ng.` ɗin nan, sunan ɗaki ne a cikin gidan, kuma mai gida yana iya rubuta abin da ya ga dama a ƙofar ɗakinsa. In na kama shago a Kwangila na sa mai fenti ya rubuta "Fadar Zazzau" a ƙofa, ai ba a can za a yi hawan daushe ba.

Ku kwatanta waɗannan biyun:

```
https://jamb.gov.ng/
https://jamb.gov.ng.example.com/
```

Na farko, abin da ke manne da sanda `jamb.gov.ng` ne, na hukumar ne. Na biyu kuwa mai gidan `example.com` ne, an ari sunan hukumar an liƙa a gaba. Hukumomin gwamnatin Najeriya da `.gov.ng` suke ƙarewa, kamar `cbn.gov.ng` da `nimc.gov.ng`, jami'o'i kuma `.edu.ng`, kamar `abu.edu.ng` namu na nan. Waɗannan ba a sayar wa kowa da kowa, sai an kawo takardu. Amma `.xyz` ko `.top` ko `.com`, duk mai katin biya zai saya a daren nan da kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Baba Alhaji Tanimu: Salamu alaikum. Nura ɗana, ni ban gane wannan sanda da mai gida ba. Abin da nake tambaya, saƙon ya shigo wayana kuma na buɗe na karanta. Kuɗin fansho na yana cikin wannan layi. Shin sun riga sun kwashe ne? In cire layin in jefar?

Nura (Samaru): Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Kada ku jefar da layi, shi ne ma abin da ya fi kamata ku riƙe da kyau. Karanta saƙon a WhatsApp ba ya taɓa kuɗinku. Shin kun danna shuɗin rubutun har ya kai ku wani shafi? In kun danna, kun rubuta wani abu a ciki?

Baba Alhaji Tanimu: Na taɓa, ya buɗe, na ga Turanci ya yi yawa na fita. Ban rubuta komai ba.

Nura (Samaru): To Baba ku kwantar da hankalinku, irin wannan shafin abin da mutum ya rubuta da hannunsa yake ci. Abu ɗaya kawai, in Habibu ya dawo daga masallaci ku ba shi wayar ya duba muku. Shafin yana fito da ɗan akwati mai `Allow` da `Block`. Wanda ya taɓa `Allow` ya ba su izinin turo masa sanarwa, sai waya ta riƙa ƙara tana cewa ta kamu da cuta ko ka ci kyauta. Habibu ya buɗe Chrome, ya shiga `Settings`, sai `Site settings`, sai `Notifications`, duk sunan da bai sani ba ya cire. In kuma ya ga an sauke wani fayil mai ƙarewa da `.apk`, ya goge, kada ya buɗe.

Baba Alhaji Tanimu: Allah ya yi maka albarka. Amma gobe zan je banki dai in gani da idona.

Maman Halifa: Wayyo ni Allah. Malam Nura ni na cika. Tun da azahar aka turo mini ta wani wuri. Na sa suna, lambar waya, asusu, BVN da ranar haihuwa. Da aka zo wurin kati ne na tashi ɗauko jakata, sai Halifa ya ɓarar da kunu, na manta ban koma ba. Jikina rawa yake yi wallahi. Kuɗin adashen mutane ne a asusun, ba nawa ba.

Ɗanjuma POS: Kunun Halifa ya cece ki. Ki saya masa alewa.

Sadiƙu (Kongo): Tunda sun samu BVN ai an gama, da shi suke shiga duk asusun mutum. Ki je ki canza BVN gobe da sassafe.

Ɗanjuma POS: A'a Sadiƙu, kada ka ƙara tsorata ta. BVN ba a canza shi, lamba ɗaya ce mutum yake da ita har ya koma ga Allah. Kuma shi kaɗai ba ya cire kuɗi. Da yana cirewa da tuni an gama da kowa, wurare nawa muka rubuta shi a takarda? Abin da suke yi da shi daban ne, kuma na gani a gabana a nan Sabon Gari.

Wani mai kayan miya ne da ke cire kuɗi a wurina. Ya cika irin wannan shafin, kwana biyu shiru har ya manta. Rana ta uku yana tsaye a bakin rumfata aka kira shi. Namiji ne, Hausa tsaf, ya ce daga hedikwatar banki yake. Ya kira cikakken sunansa, ya faɗa masa ranar haihuwarsa, ya karanto masa BVN ɗinsa lamba goma sha ɗaya bai yi tuntuɓe ba. Ya ce an ga matsala a asusunsa za a rufe kafin ƙarfe huɗu, ya karanto lambar katinsa a gyara. Mutumin ya zaro kati yana karantawa. Ina sallamar wata mata ban ankara ba, sai da na ji ya ce "lambar da ta shigo yanzu? Bari in duba". Na daka masa tsawa na ce kashe wayar nan. Ya harare ni, wai ina hana shi magana da banki. Kafin in zagayo ya karanta lambobi shidan. Naira 83,000, kuɗin da zai sari tumatur da shi. Muna tsaye alat ya shigo.

Abin da ya rantse da shi har yau shi ne, ta yaya wanda ba ma'aikacin banki ba zai san BVN ɗinsa? Na ce kai ka ba shi shekaranjiya.

Nura (Samaru): Ɗanjuma ya faɗi abin da ya fi duk bayanina amfani. Maman Halifa, abin da ke gabanki ke nan: za a iya kiranki, gobe ko bayan wata guda, kuma mai kiran zai san abubuwa a kanki. Sanin nan ba shaida ba ce. Ko ya ce daga banki ne, ko daga ofishin tallafi, kada ki karanta masa lambar kati, ko PIN, ko wata lamba da ta shigo wayarki. Kada ma ki tsaya musu da shi, sun fi mu iya baki. Ki kashe, ki juya katinki, akwai lambar bankin a baya, ita za ki kira da kanki. Gobe kuma ki shiga reshe ki gaya musu abin da ya faru.

Sannan ki amsa mini wannan: a shafin kin ƙirƙiri wata kalmar sirri ko PIN?

Maman Halifa: Ya ce in zaɓi lambobi huɗu na karɓar kuɗi. Na sa wanda na saba sawa.

Nura (Samaru): Wato na katinki?

Maman Halifa: Eh. Shi ne kuma na tiransifa.

Nura (Samaru): To wannan kada ya kwana. Ki buɗe manhajar bankin yanzu ki canza na tiransifa. Na kati kuma a ATM ake canzawa, in Baban Halifa zai raka ki yanzu ya fi, in dare ya yi to ki rufe katin ta manhaja zuwa safe. Kada ki sa shekarar haihuwarki, tana hannunsu.

Anti Rabi (Gyallesu): Ni tambayata daban ce. Watan jiya aka ƙwace WhatsApp ɗin ƙanwata, aka riƙa bin mutane ana roƙon kuɗi da sunanta, har mijin yayarmu ya tura 20,000. Ita ba ta danna wani linki ba, kira aka yi aka ce za a sa ta a taron addu'a na intanet. Wannan ma su ne?

Nura (Samaru): Anti ko ba su ba ne, 'yan gida ɗaya ne. Lambobin waya da ake tarawa a irin wannan shafin ai ba zubar da su ake yi ba. Wanda ya kira ta ya sa lambarta a WhatsApp ɗin wayarsa, sai WhatsApp ya turo mata lambobi shida ta saƙon tes, shi kuma ya ce ta karanto masa "lambar shiga taro". Tana karantawa ya shige. Maganinsa kowa ya yi shi yanzu muna cikin hira: `Settings`, `Account`, `Two-step verification`, ka sa lambobi shida naka na kanka. Wanda aka riga aka ƙwace wa, ya sake rajista da layinsa, lambar tes tana shigowa ya sa, ɓarawon zai fita. In ɓarawon ya riga ya sa nasa PIN ɗin, sai an jira kwana 7 kafin a shiga.

Anti Rabi (Gyallesu): Haka kuwa aka yi, sai da ta yi sati. Mun ɗauka ma mai gyaran waya ne bai iya ba.

Sadiƙu (Kongo): Yaya Nura na gwada dabarar sandar nan a kan wani linki da aka turo zauren ajinmu na neman tallafin karatu. Mai gidan `docs.google.com` ne. Wannan kam na gaskiya ne ko? Google ai ba za su yi damfara ba.

Nura (Samaru): Ka karanta daidai, kuma ka taɓo inda dabarar take da iyaka. Gidan na Google ne, amma gidan haya ne, kowa yana iya kama ɗaki kyauta. Ni da kai za mu iya haɗa fom a can cikin minti biyar mu sa tambarin da muka ga dama. Haka `forms.gle`, haka duk adireshin da ya ƙare da `blogspot.com`. A irin wannan, sanin mai gida bai gaya maka wanda ya rubuta fom ɗin ba. Ba na cewa na ajinku ƙarya ne, malamai da ƙungiyoyi suna amfani da shi sosai. Sai dai ka bar linkin, ka rubuta adireshin hukumar da aka ce ita ke bayarwa da hannunka, ka ga ko sun yi sanarwar a can. In kuma fom ɗin ya nemi PIN ko lambar kati, ba sai ka wahalar da kanka da bincike ba.

Wani abin kuma shi ne gajeren linki, irin `bit.ly/` da 'yan haruffa a baya. Shi mayafi ne, ba ka ganin inda zai kai ka. Na `bit.ly` in ka kwafe shi ka ƙara `+` a ƙarshe kafin ka buɗe, zai nuna maka ainihin adireshin ba tare da ya kai ka can ba. Daga nan sai ka nemi sandarka.

Malama Hauwa: Ni ina kwafe linki in liƙa a `virustotal.com`, ɗana ne ya nuna mini. Na liƙa wannan na tallafin ɗazu, kusan duka kore ya nuna, biyu ne kawai suka yi ja. Da ban ga saƙonka ba da na ce lafiya ne, tunda masu kore sun fi yawa.

Nura (Samaru): Malama kun yi daidai da kuka duba, amma ba ƙuri'a ba ce da za a ce masu rinjaye sun ci. Kamfanonin tsaro da yawa ne kowanne ke faɗin abin da ya sani. Kore yana nufin ba su riga sun kama shi ba, sabon shafi kuwa bai daɗe da zai yi suna ba. Ja biyu a kan shafin da ke neman BVN sun ishe ni.

Abin da na fi dogara da shi shi ne shekarun adireshin. In kun shiga `lookup.icann.org` kuka rubuta sunan mai gidan kaɗai, ba duka linkin ba, zai nuna ranar da aka yi masa rajista a wurin `Created`. Na duba wannan: kwanansa 9 a duniya, sunan mai shi a ɓoye. Ɓoye suna ba laifi ba ne, mutanen kirki ma suna yi. Amma shirin gwamnatin tarayya da zai raba wa magidantan ƙasar nan kuɗi, a adireshin da bai kai sati biyu ba, ba a ji shi a rediyo ba, ba a `.gov.ng` ba? Sai dai shi ma wannan ba ma'auni ne da ba ya kuskure ba. Wani lokaci suna kutsawa cikin tsohon shafin wani bawan Allah su ɗora tarkonsu a can, sai ka ga adireshi mai shekara goma.

Isiya Tela: Ni dai har yanzu akwai abin da ke damuna. Lokacin korona maƙwabcina ya cika wani abu a waya kuma wallahi ya samu kuɗi, na ga alat ɗin. In muka ce komai ƙarya ne, ranar da na gaskiya ya zo mu ne za a bari a baya. Talaka ba ya jin labari sai ta irin wannan hanyar.

Malam Lawal (admin): Wannan gaskiya ne Isiya. An yi shirye-shirye na gaske da aka cika ta intanet, N-Power ma ai ta haka yaranmu suka shiga. Ni shawarata daga yau a hana tura kowane linki a zauren nan, sai an turo mini ko Nura ta gefe mun duba.

Anti Rabi (Gyallesu): Malam ban goyi bayan wannan ba. Nura yana da shago da iyali, kai kana makaranta har la'asar. Sanarwar ɗaukar aiki wani lokaci kwana biyu ake ba da wa. Kuma in mutum ya saba sai an duba masa, sauran zaurukan da yake ciki wa zai duba masa? Hajiya ai ba daga nan ta samo ba.

Ɗanjuma POS: Ni ina bayan Malam. Mutum 200 da ɗoriya ne a nan, rabinsu ba za su nemi wata sanda ba. Baba Alhaji ma ya ce bai gane ba.

Baba Alhaji Tanimu: Habibu ya nuna mini yanzu a takarda, na gane. Daga dama ake karantawa kamar allo.

Nura (Samaru): Baba kun fi ni iya bayani, da na san haka da tun farko na ce kamar allo. Malam Lawal, ni ba zan iya ɗaukar alkawarin duba kowane linki ba, kada wata rana in ce lafiya ne ya zamo ba lafiya ba, a ce Nura ne ya ce. Abin da nake gani, duk mai turo linki ya rubuta a ƙasa daga ina ya samo, kuma shi da kansa ya buɗe ko bai buɗe ba. Wanda ke ɗauke da `Forwarded many times` a samansa, ko wanda ya ce sai ka tura wa mutum kaza kafin a ba ka, a goge shi kai tsaye. Isiya, wanda maƙwabcinka ya cika, ka tambaye shi ko an ce ya tura wa zaure biyar kafin a biya shi.

Isiya Tela: Zan tambaye shi da safe. Amma in ya ce an ce ya tura fa?

Malam Lawal (admin): To sai ka kawo mana shi nan ya yi bayani. Maganar doka kuma a bari sai Juma'a bayan an sauko, mu tattauna da sauran dattawa, tunda ba a haɗu a kan abu ɗaya ba.

Maman Halifa: Salamu alaikum, ina kwananku. Na canza na tiransifa tun daren jiya, na kati kuma mun je PZ da Baban Halifa da sassafe. Kuɗin adashe suna nan cif. A banki wata ma'aikaciya ta rubuta bayanina, ta ce katin tunda ban ba da lambarsa ba ba sai an canza ba. Na ce ni dai a canza mini, hankalina zai fi kwanciya, na biya kuɗin sabo. Muna fitowa wata baƙuwar lamba ta kira sau biyu, ban ɗauka ba. Ban sani ba ko su ne ko mai kawo mini atamfa ce daga Kano.

Ɗanjuma POS: In mai atamfa ce za ta turo saƙo.

Hajiya Binta: Nura, ga wani an sake turowa zauren matan yanzu. Wannan ba kuɗi ba ne, wai kamfanin waya ne ke ba da data kyauta saboda cika shekara. Ban tura ko'ina ba. Na nemi sandar, abin da ke jikinta ya ƙare da `.top`, sunan kamfanin kuma yana can gaba. Na karanta daidai?

Nura (Samaru): Daidai kuka karanta Hajiya. Ku ɗauko mini hotonsa ta gefe, ina so in ga ko matar nan mai minti biyu ta koma can.